Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Ƙwayoyin Cuta a Fitsari

A Agege, mutane kan karɓi takardar nan su zarce kemis. Ku tsaya ku karanta tukuna.

Da farko, duba sunan ƙwayar da ta tsiro. Mafi yawanci E. coli ce. Idan an rubuta "mixed growth", wato ƙwayoyi iri-iri sun cakuɗe, galibi fitsarin ne ya gurɓata wajen tara shi, sai a sake.

Sannan adadi. 10^5 CFU/mL yana nufin ƙwayoyi 100,000 a kowace mililita, kuma shi ne ma'aunin da aka saba ɗauka a matsayin alamar ciwo. Amma ƙasa da haka ma yana iya zama ciwo idan akwai zafin fitsari. Wanda ba ya jin komai kuwa galibi ba ya buƙatar magani, in ban da mai ciki.

Sai jadawalin magunguna. S na nufin maganin zai yi aiki, R ƙwayar ta fi ƙarfinsa, I kuma tsaka-tsaki.

Misali, E. coli, nitrofurantoin S, ampicillin R. Ciwon mafitsara ne kawai? Nitrofurantoin ya isa. Amma in da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, wataƙila ciwon ya kai ƙoda, shi kuwa maganin ba ya taruwa sosai a ƙoda, don haka kai wa likita takardar ya zaɓi wani.