Idan teburin ƙirga ya ƙi cika: kurakuran da aka fi yi da COUNTIF

Matsalar COUNTIF, fomular Excel da ke ƙirga akwatunan da suka cika wani sharaɗi, ita ce ba ta cika yin ƙorafi ba. Ka ba ta sharaɗin da bai dace ba, ko ka nuna mata wurin da ba shi ba, za ta fitar maka da lamba cikin natsuwa, kai kuma ka kwafe ta ka kai wa shugaba. Saboda haka gyaran farko ba a cikin fomular yake ba. Tun kafin ka amince da teburin ƙirga, ka tanadi hanyar da zai tona wa kansa asiri.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Muna da jerin mutum 200 da suka yi rajistar wani kwas, daga layi na 2 zuwa na 201, domin layi na 1 na kanun bayani ne. A ginshiƙin C an rubuta matsayin kowa: "An biya", "Ba a biya ba" ko "An soke". A ginshiƙin D akwai makin jarrabawa. Gaskiyar lissafin ita ce mutum 120 sun biya, 55 ba su biya ba, 25 sun soke. Teburin ƙirga yana gefe: sunayen matsayin uku a F2, F3 da F4, adadinsu kuma a G2 zuwa G4. A ƙasan teburin sai ka sa wannan:

```
=COUNTA(C2:C201)-SUM(G2:G4)
```

COUNTA tana ƙirga duk akwatin da ba fanko ba. Idan sakamakon sifiri ne, to lissafi ya daidaita. Idan ya haura sifiri, akwai layukan da teburin bai gani ba. Idan ya yi ƙasa da sifiri, an ƙirga wasu sau biyu. Da yawa daga cikin kurakuran da ke tafe a wannan akwati suke fara bayyana.

Zangon da ke zamewa

Mutum ya rubuta `=COUNTIF(C2:C201,F2)` a G2, ya ga 120, ya yi murna, ya ja fomular ƙasa. Abin da bai lura ba shi ne, zangon da ake ƙirgawa ya biyo shi. A G3 ya koma C3:C202, a G4 ya koma C4:C203. Wato G3 ba ta ganin mutum na farko, G4 kuma ba ta ganin na farko da na biyu. Idan aka yi dace na farkon bai biya ba, na biyun kuma ya soke, teburin zai nuna 120, 54 da 24, jimilla 198. Idan kuma su biyun duk sun biya, lissafin zai fito daidai yau, kuskuren ya kwanta yana jiran ranar da wani zai sake tsara jerin. A tebur mai rukuni 30, fomular ƙarshe ta tsallake layuka 29 ke nan.

Maganinsa alamar dala ce, wadda ke kafe zangon wuri guda:

```
=COUNTIF($C$2:$C$201,F2)
```

Ka lura F2 ba ta da dala, domin ita ana so ta sauya zuwa F3 da F4. A Excel, idan ka zaɓi C2:C201 gaba ɗaya a cikin fomular ka danna maɓallin F4, shi zai sa maka dalolin. Wasu kwamfutocin kuma, gwargwadon yankin da aka saita su, suna raba sassan fomula da `;` maimakon `,`. Wannan kam nan take za ka gane, don Excel zai ƙi karɓar fomular.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure: gobe a ƙara mutum goma a layi na 202 zuwa 211, zangon kuwa ya tsaya a 201. A nan ko akwatin bincikenmu ba zai taimaka ba, tunda shi ma a 201 ya tsaya. Idan jerin mai ƙaruwa ne, ka yi amfani da ginshiƙin gaba ɗaya, `$C:$C`, a binciken kuma ka sa `COUNTA(C:C)-1` don cire kan bayanin. Sai dai kada ka ajiye wani rubutu a ƙasan jerin cikin ginshiƙin C, don shi ma za a ƙirga shi.

Rubutu biyu da ido ke gani ɗaya

Nan ne aka fi ɓata lokaci. An kafe zango, fomula lafiya lau, amma G4 na nuna 22 maimakon 25, bincike kuma na cewa an rasa uku. Ka duba ginshiƙin C sama da ƙasa, ko'ina "An soke" kake gani. Abin da ya faru shi ne, a akwati uku mai shigar da bayani ya danna tazara bayan kalmar. A wurin COUNTIF, "An soke" da "An soke " abu biyu ne daban. Babban baƙi da ƙarami ba su dame ta ba, "AN SOKE" za ta ƙirga shi, amma tazara guda a farko ko a ƙarshe ta isa ta fitar da layi daga lissafi. Haka ma baƙaƙe masu lanƙwasa: idan wani ya rubuta "An karɓa", wani ya rubuta "An karba", rukuni biyu ke nan.

Kada ka tsaya neman su da ido. Juya tambayar: maimakon ka tambayi sau nawa kowane suna ya fito a jerin, tambayi ko kowane layi yana da suna a teburin. A E2 ka rubuta wannan, ka ja shi har E201:

```
=COUNTIF($F$2:$F$4,C2)
```

Duk layin da ya ba da 0, shi ne ɓatacce. Ka tace ginshiƙin E ya nuna sifiri kaɗai, su ukun za su fito fili. Don tabbatarwa, a ce ɗayansu a C57 yake, `=LEN(C57)`, wadda ke ƙirga haruffan akwati, za ta ba da 8 alhali "An soke" harafi 7 ne idan aka haɗa da tazarar tsakiya. TRIM tana share irin wannan tazara. Amma bayanin da aka kwafo daga intanet ko daga wata manhaja yakan zo da wata tazara ta daban, mai lamba 160, wadda TRIM ba ta taɓa ta. Idan ka yi TRIM amma tsawon bai ragu ba, ita ce:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(C2,CHAR(160)," "))
```

Ka yi wannan a wani ginshiƙi, ka kwafe sakamakon, ka liƙa shi kan C da Paste Values. Daga nan ka sa Data Validation irin na List a kan ginshiƙin C, ka nuna masa F2:F4, yadda mai shigar da bayani zai riƙa zaɓa maimakon rubutawa. A ganina wannan ya fi kowace dabarar fomula amfani, domin ya toshe ƙofar tun daga tushe.

Mutane da yawa ba sa son wannan shara, sai su bi gajeriyar hanya da alamar tauraro, wadda ke nufin "kowane rubutu". Su rubuta `"*biya*"` a G2 don a kama duk wani "An biya" komai tazararsa. To ai "Ba a biya ba" ma yana ɗauke da kalmar. G2 za ta ba da 175, jimilla ta tashi 255 a jerin mutum 200, bincike ya nuna -55. Tauraro na da amfaninsa idan da gangan kake neman wani yanki na rubutu, amma a teburin da kowane layi dole ya faɗa rukuni guda tak, ni ba na sa shi.

Sharaɗin lamba

Yanzu ga maki. Ana son sanin mutum nawa suka sami 50 ko sama da haka. `=COUNTIF($D$2:$D$201,">=50")` daidai ne, alamar da lambar duk suna cikin alamar zance. Rikici yana zuwa ne idan aka ajiye 50 ɗin a wani akwati, a ce I3, aka rubuta `">=I3"`. Duk abin da ke cikin alamar zance rubutu ne kawai, saboda haka COUNTIF ba za ta leƙa akwatin I3 ba, za ta gwada makin da rubutun "I3", ta ba ka 0 ba tare da wani gargaɗi ba. Sai an fitar da sunan akwatin waje, an haɗa su da `&`, wato `">="&I3`.

Idan rukunin maki ake so, 0 zuwa 49, 50 zuwa 69, 70 zuwa 100, sharaɗi biyu ake bukata, kuma aikin COUNTIFS ke nan, wadda ta shigo Excel tun fitowar 2007. Kuskuren da ake yi a nan na iyaka ne. Wanda ya rubuta `"<=49"` ga rukunin farko da `">=50"` ga na biyu ya bar rami a tsakani: mai 49.5 ba ya cikin ko ɗaya. Abin takaici, idan an saita akwatin kada ya nuna ɗigo, 49.5 ɗin 50 za ka gani a fuska. Wanda kuma ya rubuta `"<=50"` da `">=50"` ya ƙirga masu 50 cif sau biyu. Tsarin da ba ya barin rami shi ne ƙasan rukuni ya shiga, samansa kada ya shiga. Ka sa 0, 50, 70 a I2:I4, ka sa 50, 70, 101 a J2:J4, sannan a K2:

```
=COUNTIFS($D$2:$D$201,">="&I2,$D$2:$D$201,"<"&J2)
```

Waɗanda suka soke ba su zauna jarrabawa ba, akwatunansu fanko ne, kuma fanko ba ya shiga `">=0"`. Don haka jimillar K2:K4 ya kamata ta zama 175. Idan ta ba da 171, ka gwada COUNT da COUNTA a kan D2:D201. COUNT lamba kaɗai take ƙirgawa. In ta ce 171 alhali COUNTA ta ce 175, to maki huɗu an adana su a matsayin rubutu, kuma sharaɗin `>=` ko `<` ba ya ganin su. Galibi za ka gan su sun jingina hagu a akwatinsu, da ɗan koren alama a kusurwa. Ka zaɓe su ka danna Convert to Number. Mai ruɗarwa a nan shi ne, in ka nemi lamba guda, kamar `=COUNTIF(D2:D201,65)`, za ta ƙirga har da 65 ɗin da ke rubutu, sai ka ɗauka ginshiƙin lafiya yake.

Abu biyu kuma da ba kuskuren rubutu ba ne, iyakar COUNTIF ce. Ba ta kula da tacewa: ko ka ɓoye rabin jerin da Filter, duka 200 take ƙirgawa, don haka idan kana son adadin wani aji kaɗai, ka ƙara ajin a matsayin sharaɗi cikin COUNTIFS. Sannan idan jerin yana wani fayil daban, teburin kuma yana nan, da zarar fomular ta sake lissafi alhali wancan fayil yana rufe, `#VALUE!` za ka gani. Ka buɗe fayil ɗin, ko ka dawo da jerin da teburin cikin fayil guda.