Yadda Ake Rubuta Maƙala Kan Daddatsewar Mazaunin Halittu Ba Tare da An Raina Filin da Babu Kowa Ba

Na duba maƙalun ɗalibai masu yawa a kan wannan batu, kuma kusan a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Kowa ya iya cewa an sare daji, dabbobi sun ragu. Da an zo kan tambayar me ya sa jinsi yake ƙarewa alhali akwai sauran wurin zama, sai rubutun ya koma kame-kame. Ni ma a nan na faɗi lokacin da nake ɗalibi, shi ya sa a nan zan fi daɗewa.

Mataki na farko: raba asarar wuri da daddatsewa

Abu biyu ne, kuma daga sakin layi na farko mai duba takarda yake gane ko ka san haka. Asara ita ce yawan dajin ya ragu. Daddatsewa kuwa ita ce abin da ya rage ya rabu gida-gida, da gonaki ko titi ko gari a tsakani. Lenore Fahrig ta ja hankali kan wannan a 2003: bincike da yawa suna ɗora wa daddatsewa laifin da na asara ne, kuma idan aka ware su, ɓarnar asara ce ta fi girma da tabbas.

Ka nuna bambancin da lissafi, kada ka tsaya kan bayani kawai. Ɗauki daji mai kusurwa huɗu, mita 1,000 kowane gefe, wato hekta 100. A ce zafi da iska da bushewa suna shiga mita 100 daga baki. Cikin da ya tsira shi ne mita 800 sau 800, hekta 64. Yanzu raba hekta 100 ɗin gida huɗu, kowanne mita 500 sau 500. Cikin kowane guntu ya koma mita 300 sau 300, hekta 9, jimilla 36. Faɗin dajin bai ragu ko kaɗan ba, amma tsuntsun da ba ya zama sai a duhuwar ciki ya rasa hekta 28. Mita 100 ɗin ba da ka na faɗe ta ba. A gwajin da Thomas Lovejoy ya fara a 1979 kusa da Manaus a Barazil, inda aka bar guntayen kurmi na hekta 1 da 10 da 100 a tsakiyar makiyaya, mutuwar itatuwa ta fi tsanani a mita 100 na farko daga baki. Wannan sakin layi ɗaya ya isa, ka wuce.

Mataki na biyu: zaɓi halitta ɗaya ka riƙe ta

Kada ka tara giwa da kwaɗo da biri a maƙala guda. Ni kullum malam buɗe littafin tsibiran Åland na ƙasar Finland nake ba da shawara, mai suna Melitaea cinxia, wanda marigayi Ilkka Hanski da abokan aikinsa suka bi tun farkon shekarun 1990. Dalili, ba a taɓa bin wata halitta daki-daki a kan wannan batu kamarta ba. Akwai ƙananan filayen ciyawa kusan 4,000 da suka dace da ita, tsutsarta kuma ciyayi iri biyu kawai take ci a can. Tsutsotsin suna saƙa sheƙar zare su kwana a ciki duk lokacin sanyi, don haka duk kaka sai a baza ɗalibai fili-fili suna sunkuyo cikin ciyawa suna ƙirga sheƙa. Abin da ake samu shi ne, a kowace shekara ƙalilan ne daga filayen suke da zama. Wasu da ke da zama bara sun mutu bana, wasu da ke fayau bara wata mace ta tashi daga maƙwabta ta zuba ƙwai a ciki.

Wannan shi ne metafofuleshan, wato gungun ƙananan al'ummomi da ke zaune a warwatse, kowace tana iya mutuwa, amma 'yar zirga-zirgar da ke tsakaninsu tana sake raya wuraren da suka mutu. Ka rubuta ma'anar da bakinka bayan ka ba da misalin, ba kafinsa ba.

Mataki na uku: lissafin Levins, da filin da babu kowa

Richard Levins ne ya kawo wannan lissafi a 1969. Layi biyu ne kacal, kada ya tsorata ka:

```
dp/dt = c*p*(1 - p) - e*p
p* = 1 - e/c
```

Harafin p shi ne kason filayen da ke da zama, c saurin mamaye fili, e kuma saurin mutuwar al'umma a fili. Shi kuwa dp/dt yana nuna saurin sauyawar p. Ɓangaren farko bayan alamar daidai yana cewa sabon zama yana buƙatar abu biyu: filin da masu ƙaura za su fito, da filin fayau da za su sauka. Layi na biyu shi ne inda al'amarin yake daidaita, mutuwa da mamaya suka yi kunnen doki.

Sa masa lamba. A ce filaye 100 ne, c yana 0.5, e yana 0.2. Raba 0.2 da 0.5, ka sami 0.4. Ke nan filaye 60 za su kasance da zama, 40 fayau. Ka lura, ba filaye 40 ɗin nan ne kullum ba, wurin yana juyawa kamar gonar da ake hutarwa.

Ga inda na yi kuskure. A maƙalata na rubuta cewa tunda filaye 40 babu komai a cikinsu, ana iya nome su ba tare da an cutar da jinsin ba, a mai da hankali kan 60 masu zama. Malamin da ya duba ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, ya rubuta a gefe: "Idan guda cikin 60 ɗin ya mutu baɗi, ina za a biya shi?" Na kwana biyu ina juya tambayar kafin in gane. Idan an lalata wasu filaye, lissafin yana komawa haka, inda h yake nufin kason filayen da suka rage:

```
dp/dt = c*p*(h - p) - e*p
p* = h - e/c
```

Nome filaye 40 ɗin, h ya zama 0.6. Cire 0.4, saura 0.2. Masu zama sun faɗo daga 60 zuwa 20, kuma har yanzu akwai 40 fayau a cikin waɗanda suka rage. Ba ka taɓa ko sheƙa ɗaya ba ranar da ka yi huɗa, amma ka kashe kashi biyu cikin uku. Dalili shi ne mutuwa tana ci gaba da saurinta, masu ƙaura kuwa da yawa daga cikinsu yanzu a gona suke sauka. Idan wani ya zo bayan 'yan shekaru ya ga 40 fayau ya ce su ma a nome, h ya koma 0.2, ƙasa da 0.4, jinsin ya tafi. Iyakar tana daidai inda h ya yi daidai da e/c: da zarar filaye 60 sun lalace, 40 masu kyau da suka rage ba za su riƙe shi ba.

A nan ne kuma za ka haɗa wannan mataki da na farko, haɗin da yawancin ɗalibai ba sa yi. Asara tana rage h. Daddatsewa tana taɓa sauran biyun: tazara tana rage c don mai ƙaura ba ya kaiwa, ƙanƙantar guntu kuma tana ƙara e don 'yar ƙaramar al'umma ba ta jure mugunyar shekara. Gwada: h yana 0.6, tazara ta sauko da c zuwa 0.4. Yanzu e/c ya zama 0.5, masu zama 10 kacal. A Åland ma an nuna a 1998 cewa al'ummomin da suka fi barbara tsakanin dangi sun fi saurin mutuwa, wato wata hanyar da keɓewa ke ɗaga e.

Sannan ka ambaci jinkiri. Faɗowa daga 60 zuwa 20 ba a shekara ɗaya take faruwa ba. Ana iya wuce iyaka jinsin ya ci gaba da bayyana shekaru yana raguwa a hankali. David Tilman da abokansa sun kira wannan bashin ƙarewa a 1994. Ganin dabba yau ba ya nuna ta tsira.

Ba sai ka nemi wata manhaja mai tsada ba. Takardar lissafin kwamfuta ta isa, ko ma biro da takarda. Yi ɗan jadawali na h daga 1.0 zuwa 0.4, ka sa shi a maƙalar.

Mataki na huɗu: tabbatar misalinka ya cancanci sunan

Ba duk al'ummar da ta warwatsu ce metafofuleshan ba. Tambayoyi uku nake yi. Kowane guntu yana da al'umma mai hayayyafa? Ana mutuwa ana sake mamayewa? Guntayen ba sa mutuwa lokaci ɗaya? Ta ukun tana da nauyi, domin farin da aka yi a Åland a bazarar 2018 ya busar da ciyayin ko'ina lokaci guda, yawan sheƙa ya faɗi warwas, kuma lissafin Levins bai tanadi irin wannan ba.

Ɗalibanmu suna son kawo giwayen Yankari, na kuma fahimci dalili. Amma garke ne da ya keɓe, babu maƙwabcin da ke aiko masa da baƙi, don haka c ɗinsa kusan sifili ne. Ka kawo shi a matsayin abin da ke faruwa idan haɗi ya yanke. Raƙuman dawa na Kure a Nijar sun fi ba ka abin cewa, tunda a 2018 an ɗauki takwas aka kai Gadabeji don kafa al'umma ta biyu, wato mutum ne ya yi aikin mamaya da mota.

Mataki na biyar: iyakoki da shawara

Sakin layi ɗaya kan raunin lissafin: ya ɗauka duk filaye girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya. Aikin Hanski shi ne saka girma da tazara a ciki. Ka kuma ambaci abin da Ronald Pulliam ya bayyana a 1988, cewa wani fili yana cike ne kawai don ana kwararo masa daga wani, shi kansa mutuwa ta fi haihuwa a cikinsa.

Shawarwarinka kowace ta faɗi harafin da take taɓawa. Kare fili ko da fayau ne yana riƙe h, zirin daji tsakanin guntaye yana ɗaga c, faɗaɗa guntu yana sauke e. Idan ka ba da shawarar ziri, ka ƙara da cewa cuta da gobara ma suna iya bin sa. Gabatarwa kuma ka bar ta sai ƙarshe, layi biyar, ka sa lambar 60 da 20 a ciki.