Zinare a cikin jarinki: garkuwa ne, ba ya haihuwa

'Yan uwa na Zariya, ana yawan tambaya ko ya dace a sa zinare cikin jari. Ya dace, amma a san aikinsa. Zinare ba ya kawo rabon riba kamar hannun jari, ba ya kawo kuɗin haya kamar ɗaki a Samaru. Giram ashirin da kika ajiye bana, giram ashirin ne baɗi. Amfaninsa shi ne da dala ake masa farashi a duniya, saboda haka idan naira ta faɗi, kamar yadda aka gani a 2023 da 2024, kuɗinsa a naira yakan tashi.

Inda ake asara wajen saye ne. A ce kin sayi sarƙa ta naira miliyan ɗaya, dubu 150 a ciki kuɗin ƙira ne. Ranar sayarwa nauyi kawai za a auna, kuma mai shago zai saya ƙasa da farashin da yake sayarwa. Kenan sai zinare ya tashi da kusan kashi 20 cikin ɗari kafin uwar kuɗinki ta dawo. Don ajiya, nemi mai sauƙin ƙira marar duwatsu, a gwada karat a gabanki: 18 kashi 75 ne zinare, 21 kuwa 87.5.

Kuma yana faɗuwa. A 2013 ya zube da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu a dala. Ni dai ba na son ya wuce kashi goma na dukiya, kuma banda kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa. Ga zakka: idan na ajiya ya kai nisabi, wajen giram 85, ya shekara, za a fitar da kashi 2.5 ko bai ƙaru ba.