Yadda ake lissafin jarin da kashe kuɗin gwamnati ke turewa a tsarin IS-LM

Idan gwamnati ta ƙara kashe kuɗi ba tare da ta ƙara haraji ba, arzikin da ƙasa ke samarwa yana ƙaruwa, amma ba ya kai yadda lissafin farko ya nuna. Dalili kuwa kuɗin ruwa yana tashi, 'yan kasuwa su janye hannu daga wasu ayyukan da suka yi niyyar zuba wa jari. Wannan shi ake kira ture jari. Tsarin da aka saba auna shi da shi, masanin tattalin arziki John Hicks ne ya zana shi a 1937, shekara guda bayan fitowar babban littafin masanin tattalin arziki John Maynard Keynes, kuma a yau ana kiransa IS-LM. A nan za mu ɗauki ƙasa wadda ba ta saye ba ta sayarwa da waje, farashin kaya kuma a tsaye yake, mu bi lissafin daga tushe. Alƙaluman na gwaji ne, na zaɓe su don su fita daidai ba tare da ɓurɓushi ba. Ka ɗauke su a matsayin biliyoyin kuɗin ƙasar.

Mataki na 1: Rubuta kasuwar kaya

A ƙasar da ke rufe, duk abin da aka samar ɗayan uku ne ke ɗauke shi: sayayyar gidaje, jarin 'yan kasuwa, ko gwamnati.

```
Y = C + I + G
C = 100 + 0.8(Y - T)
I = 300 - 20r
G = 200,  T = 250
```

Y shi ne jimillar abin da ƙasa ta samar, kuma shi ne kuɗin shigar jama'a. C sayayyar gidaje ce, I jari ne, G kashe kuɗin gwamnati ne. T haraji ne, r kuwa kuɗin ruwa. Lambar 0.8 tana nufin duk ƙarin 100 da ya shiga hannun magidanci bayan haraji, zai kashe 80 ya adana 20. Lambar 20 da ke gaban r tana nufin duk lokacin da kuɗin ruwa ya hau da maki ɗaya, jari zai sauka da 20. Ka zuba komai cikin layin farko, ka tattara Y a gefe guda:

```
0.2Y = 400 - 20r
Y = 2000 - 100r
```

Wannan shi ne layin IS. Yana gangarowa ne, domin tsadar rance na rage jari, raguwar jari kuma na rage abin da ake samarwa.

Mataki na 2: Rubuta kasuwar kuɗi

Mutane na riƙe tsabar kuɗi don hada-hadar yau da kullum, saboda haka idan ciniki ya ƙaru, buƙatar kuɗi a hannu na ƙaruwa. Amma idan kuɗin ruwa ya hau, ajiye tsaba a aljihu asara ce, gara a sayi takardun lamuni, wato takardun shaidar bashi masu biyan ruwa, a ci riba. Babban banki kuwa ya tsayar da yawan kuɗin da ke yawo a kan 500. M shi ne yawan kuɗin, P kuma farashin kaya.

```
M/P = 0.5Y - 50r = 500
Y = 1000 + 100r
```

Wannan shi ne layin LM, kuma hawa yake yi.

Mataki na 3: Nemo inda suka haɗu

Ka daidaita layukan biyu: 2000 − 100r = 1000 + 100r. Za ka samu r = 5, Y = 1500. Kada ka wuce sai ka gwada. Sayayyar gidaje 100 + 0.8(1250) ce, wato 1100. Jari 300 − 100 ne, wato 200. Gwamnati 200. Jimilla 1500, lissafi ya yi. Ka rubuta waɗannan a gefe, da su za ka kwatanta komai.

Abin lura: r a nan 5 ne, ba 0.05 ba. Wanda ya sa 0.05 cikin wannan lissafi zai ga jari kusan bai motsa ba, ya ɗauka babu turewa, alhali ma'aunin ne ya sauya.

Mataki na 4: Ƙara kashe kuɗin gwamnati, amma ka fara riƙe kuɗin ruwa

A ce gwamnati ta ɗauko aikin hanyoyi na 40, G ya tashi daga 200 zuwa 240, haraji na nan a 250. Ɗan kwangila ya karɓi 40, ya biya leburori da masu siminti. Su kuma suka kashe 32 daga ciki, waɗanda suka karɓi 32 ɗin suka kashe 25.6, haka dai har abin ya ƙare. Jimillar wannan zagaye ita ce 40 sau 1/(1 − 0.8), wato 40 sau 5, ya ba da 200. Wannan 5 ɗin shi ne ninki. Sabon layin IS ke nan:

```
Y = 2200 - 100r
```

Da kuɗin ruwa zai tsaya a 5, da Y ya kai 1700. Ka riƙe wannan adadi, shi ne abin da za a samu in babu turewa sam.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Wasu sukan gusar da IS da 40 kawai, su manta da ninkin. Wasu kuma sukan gusar da LM ma, wai ai gwamnati ta zuba kuɗi a gari. Ba haka ba ne. Gwamnati ba sabbin kuɗi ta buga ba, daga hannun jama'a ta karɓo su, ta sake mayar musu da su ta hanyar biyan aiki. Kuɗin sun sauya hannu ne kurum, yawansu na nan a 500, don haka LM bai motsa ba.

Mataki na 5: Saki kuɗin ruwa

Nan ne gizo ke saƙa. Ka duba kasuwar kuɗi idan Y ya kai 1700 kuma r na kan 5: buƙatar tsaba za ta zama 850 − 250, wato 600, alhali 500 kawai ke akwai. Masu shaguna da kamfanoni na neman tsabar da za su juya cinikin da ya ƙaru, sai su fara sayar da takardun lamuninsu. Takarda ta yi yawa a kasuwa, farashinta ya faɗi, faɗuwar farashin takarda kuwa daidai yake da hawan ruwanta. Misali, takardar da ke biyan 5 duk shekara, in an saye ta 100 ruwanta kashi 5 cikin 100 ne, in ta faɗo kusan 83 ruwanta ya zama kashi 6.

Ka sake daidaita layukan: 2200 − 100r = 1000 + 100r. Yanzu r = 6, Y = 1600. Gwaji: sayayyar gidaje 100 + 0.8(1350) = 1180, jari 300 − 120 = 180, gwamnati 240, jimilla 1600.

Mataki na 6: Auna turewar

Adadi biyu ne a nan, kuma dole ka faɗi wanda kake nufi. Jari ya sauka daga 200 zuwa 180, wato an ture jarin 20. Amma abin da ƙasa ta rasa ya fi haka, domin masana'antar da aka fasa ginawa ita ma da tana da nata zagayen sayayya: 20 sau 5 ya ba da 100, kuma shi ne tazarar da ke tsakanin 1700 da 1600. Ninkin da ya fara a 5 ya koma 2.5. In aka tambaye ka jarin da aka ture, 20 ce amsa. In aka tambaye ka asarar abin da ake samarwa, 100 ce.

Ni dai gwajin da na fi yarda da shi shi ne na ajiya, domin yana nuna ainihin inda gwamnati ta samo kuɗin aikinta. A ƙasar da ke rufe, jari daidai yake da ajiyar jama'a haɗe da rarar gwamnati. Da farko jama'a na adana 1250 − 1100 = 150, gwamnati na da rarar 50, jimilla 200. Bayan aikin hanyoyi jama'a na adana 1350 − 1180 = 170, rarar gwamnati ta ragu zuwa 10, jimilla 180. Ka ga ke nan daga cikin 40 ɗin, rabi ya fito daga sabuwar ajiyar da ƙaruwar kuɗin shiga ta haifar, rabi kuma daga bakin 'yan kasuwa aka karɓe shi. In naka lissafin bai rufe haka ba, akwai kuskure a baya.

Mataki na 7: Juya lambobin ka ga abin da ke riƙe da sakamakon

Idan ka sa c a madadin 0.8, b a madadin 20, k a madadin 0.5, h a madadin 50, ninkin gaskiya shi ne:

```
ΔY/ΔG = 1 / (1 - c + bk/h)
```

A namu misalin bk/h = 0.2, shi ya sa aka samu 1/0.4 = 2.5. Duk turewar tana cikin wannan ɗan guntun. Ka fara da h. A ce mutane ba su damu da kuɗin ruwa ba wajen riƙe tsaba, buƙatarsu 0.5Y ce kawai, kuɗin da ke yawo kuma 750. To Y ya ɗaure a 1500, LM ya miƙe tsaye. Sabon IS zai tilasta r ya hau zuwa 7, jari ya faɗo 160. Gwamnati ta ƙara 40, 'yan kasuwa sun rage 40, ba a ƙaru da komai ba. Wannan ita ce cikakkiyar turewa.

A ɗaya ƙarshen, idan h ya yi girma ƙwarai, LM ya kwanta, kuɗin ruwa ba ya motsi, ninki ya koma kusa da 5. Irin wannan yanayi ake nufi idan kuɗin ruwa ya sauka kusa da sifili, kamar yadda aka yi a Japan a 1999 da Amurka a Disambar 2008. Idan kuma b ne ya zama sifili, kuɗin ruwa zai hau sosai amma ba abin da zai ture, tunda masu jari ba sa kallonsa. Saboda haka hawan kuɗin ruwa shi kaɗai ba hujja ba ce cewa an ture jari, sai ka duba jarin kansa.

Mataki na 8: Shigo da babban banki

Idan babban banki na so kuɗin ruwa ya zauna a 5, amsar tana mataki na 5: buƙatar tsaba a 1700 ita ce 600, sai ya ƙara 100 a kan 500 ta hanyar sayen takardun lamuni. LM ya gusa zuwa Y = 1200 + 100r, ya haɗu da sabon IS a r = 5, Y = 1700, jari na nan a 200.

A takarda kamar banza ta faɗi, amma ka tuna mun ɗaure farashi tun farko. Wannan zato na tafiya ne kawai idan akwai injinan da ke kwance da ma'aikatan da ke zaune ba aiki. Idan iyakar abin da ƙasar ke iya samarwa 1500 ne, ƙarin buƙata zai bi ta farashi: P ya hau, M/P ya ragu, LM ya koma hagu har Y ya dawo 1500. A layin Y = 2200 − 100r hakan na nufin r = 7 da jari 160, kuma M/P zai tsaya a 750 − 350, wato 400, ƙasa da inda aka fara.