Kurakuran da aka fi yi wajen karanta zanen Lissajous a osiloskop

Da zarar ka sa osiloskop, na'urar da ke nuna siginar lantarki a allo, a `XY`, siginar tashar `CH1`, wato X, ce ke jan ɗigon haske hagu da dama, ta `CH2`, wato Y, kuma sama da ƙasa. Zanen da ya fito shi ne Lissajous, kuma yana da saurin yaudarar mai gaggawa.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne juya lissafin firikwansi. A ce ka ba X sigina mai 1000 Hz, sai zanen ya taɓo sama a wuri uku, ya taɓo gefe a wuri biyu. Da yawa sai su ce Y tana da kusan 667 Hz, alhali 1500 Hz ce. Dalili kuwa, duk lokacin da ɗigon ya kai ƙololuwa a sama, Y ce ta cika zagaye ɗaya, don haka tudun sama nata ne, na gefe kuma na X:

`fy / fx = 3 / 2`

Wani lokaci zanen yakan naɗe a kan kansa ya zama layi mai baki biyu, ƙirgen tudu ya rikice. A nan sai ka ja layi a kwance da wani a tsaye, ka kauce wa mahaɗar zanen, ka ƙirga sau nawa kowanne ya yanke shi. Adadin na kwancen shi ne na Y.

Auna tazarar fes, wato digirin da ke tsakanin sigina biyu masu firikwansi ɗaya, ya fi buƙatar natsuwa. Zanen kan fito da siffar ƙwai, ana kuma amfani da `sin φ = A / B`. A ita ce ratar wurare biyun da ƙwan ya yanke layin tsakiya na tsaye, B kuma tsayinsa gaba ɗaya. In A gida huɗu ce a gidajen ma'aunin da ke kan allo, B gida takwas, amsa 0.5, wato digiri 30. Amma fa sai zanen yana tsakiyar allo daidai! In ya goce gefe ko da gida ɗaya ne, A ta tashi daga aiki. Shi ya sa nake nacewa a fara sa tashoshin biyu a `GND` don cire sigina, a kawo ɗigon tsakiya, sannan a auna.

Kalkuleta kuma ba ta ganin karkata. In kan ƙwan ya jingina dama, 30 ɗin ce. In hagu ya jingina, 180 za ka cire wa 30, ka samu 150. Wace sigina ce a gaba kuwa, tsayayyen zane ba zai gaya maka ba, sai ka fita daga `XY` ka dube su a jere.

A ƙaramin firikwansi, kada ka bar tasha ɗaya a `AC` ɗaya a `DC`, domin kafasitan da ke ƙofar `AC` zai ƙara tasa tazarar a kan wadda kake nema.