Yadda na samu ƙarin lokacin laab bayan wasiƙata ta farko ta faɗi

Aikina na'urar ban ruwan lambu ce da Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki mai sarrafa na'urar, duk lokacin da famfo ya tashi sai allon ya mutu ya sake farawa, kuma a ɗakina na Unguwar Rimi ba ni da osiloskof, na'urar da ke nuna hawa da saukar ƙarfin wuta, balle wuta tsayayya. Wasiƙar farko cewa kawai na yi "ina roƙon ƙarin lokaci", malam ya dube ni ya ce lokacin me, na nawa? Kunya ta kama ni wallahi.

Na koma na sake. Na rubuta: Ranka ya daɗe Malam, ina zargin famfon na jan wuta har layin 5V ya faɗi, ina neman awa biyu ranar Talata da Alhamis, ƙarfe biyu zuwa huɗu, na auna da osiloskof, kuma mai kula da laab ya ce zai kasance a wurin. Na liƙa zanen haɗin wayoyin a baya. A tsaye ya sa hannu.

Zargin kuma ya tabbata, layin yana nutsewa ƙasa da 3V daidai tashin famfo. Na ba famfon wutarsa daban, na sa diyod 1N4007, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kansa, shi ke nan.