Yadda ake zaɓen man kariya daga rana wanda baƙar fata za ta iya zama da shi

Yawancin waɗanda na ga sun fara shafa sanskirin, wato man kariya daga rana, sun daina ne kafin roba ɗaya ta ƙare, kuma dalilinsu ba ya wuce uku: fuska ta yi furu-furu kamar an shafa toka, ko ta yi ta naso da maiƙo, ko man ya bi gumi ya shiga ido. Duk ukun daga wajen zaɓe matsalar take farawa, shi ya sa a nan zan fi tsayawa.

Amma tukuna, me baƙar fata take nema da shi? Gaskiya ne sinadarin melanin da Allah ya hore mana yana tare wani kaso na hasken rana, shi ya sa ba mu cika ƙonewa kamar Turawa ba. Sai dai kariyar tasa, a fata mai duhu sosai, an kiyasta ta kusan 13 ne a ma'aunin SPF, wato lambar ƙarfin kariya daga rana, alhali likitocin fata SPF 30 suke cewa a fara daga nan. Kuma abin da rana take mana ba ƙuna ba ne, tabo ne. Ƙurji ya fito ya mutu cikin mako guda, ya bar baƙin tabo ya yi watanni, domin duk ranar da haske ya same shi fatar wurin ƙara zuba melanin take yi. Haka duhun nan da ke fitowa a kumatu da goshi, musamman ga masu juna biyu. Kina ta kashe kuɗi a kan man goge tabo da dare, rana tana mayar da shi da safe. Wadda kuwa ta taɓa shafa man bilicin, da ɗan'uwanmu zabiya, su zancen ya wuce kwalliya. Ga zabiya, kansar fata ce ake gudu, kuma SPF 50 da hula da doguwar riga wajibi ne.

Mataki na farko, karanta jikin robar. Abu biyu kawai za ki nema. Na ɗaya lamba, SPF 30 ko 50. Mai 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na hasken UVB mai ƙona fata, mai 50 kuma kusan 98, don haka kada a tsuga miki kuɗi saboda an rubuta 100. Na biyu, kariya daga UVA, wanda shi ne yake nutsawa cikin fata ya dafar da ita, yana kuma ratsa gilashin mota. Alamarsa ita ce rubutun Broad Spectrum, ko PA+++ ko PA++++, ko UVA a cikin da'ira. Babu ɗaya daga cikinsu, ki ajiye shi ko da kyauta ne.

Mataki na biyu shi ne inda ake faɗuwa. Juya robar ki duba abin da aka haɗa man da shi. Idan kika ga Zinc Oxide ko Titanium Dioxide a sahun gaba, ki sani farar hoda ce a cikin mai, kuma a kan fata mai duhu sai ta nuna, na biyun ma ya fi nunawa. Suna da amfaninsu, domin ba su cika sa ƙaiƙayi ba, su ake so ga yara da masu fata mai saurin fushi. Ɗaya nau'in kuma sinadaransa narkakku ne, irin su Avobenzone da Octocrylene, suna ɓacewa a fata ba tare da fari ba, amma wasunsu suna sa yaji a ido. Ni dai ga baƙar fata wannan nau'in nake cewa a fara da shi, mai ruwa-ruwa, ba mai kauri ba. Mai kauri a zafin bazara ba ya shafuwa kwana uku a jere.

Akwai na uku da mutane ba su cika sani ba, mai launi kamar fawundeshan. A cikinsa akwai Iron Oxides, wani lokaci a rubuta su CI 77491, CI 77492 da CI 77499. Amfaninsu biyu ne: suna ɓoye farin, suna kuma tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo a fata irin tamu, sanskirin marar launi kuwa ba ya tare shi sosai. Mai fama da duhun kumatu wannan ya kamata ta nema. Wahalarsa samun launin da ya dace, don da yawa an yi su ne don fata mai haske. Idan ba ki samu ba, shafa marar launi, ki ɗora fawundeshan ɗinki a kai.

Yanzu gwaji, kuma a nan kowa yake yaudarar kansa. Sai a ɗiga ɗan ƙiris a bayan hannu a cikin shago, a murza, a ce ai ba ya fari. Ɗan ƙiris ba ya fari ko na wane iri ne. Lambar da ke jikin robar an auna ta ne da mai mai yawa, wanda ga fuska da wuya ya kai layi biyu a tsawon manuniya da 'yar tsakiya. Da wannan adadin za ki gwada, a gefen muƙamuƙi, ki jira minti goma sha biyar, ki fita tsakar gida da madubi. Hasken ƙwan lantarki yana ɓoye fari. Ki duba gira da gefen gashi, nan yake taruwa, maza kuma a gemu. Sannan ki yi yini da shi ki ga yadda zai yi idan gumi ya zo. Ki sayi ƙaramar roba tukuna, ko ki ɗiba a wajen ƙawa.

Wata ƙanwata mai fuska mai maiƙo da tabon ƙuraje, kullum tana cikin adaidaita zuwa wurin aiki, ta sayi mai Zinc Oxide saboda an ce shi ya fi. Da ta ga fari sai ta rage shi zuwa kamar ƙwayar wake. Farin ya tafi, kariyar ma ta bi shi, tabon yana nan daram. Abin da muka canja kaɗan ne. Ta koma mai ruwa-ruwa SPF 50, ta daina sa basilin a ƙarƙashinsa da safe, ta raba shafawar gida biyu: yatsa ɗaya, a bar shi ya sha, sannan na biyun. Da ya fara yi mata yaji, sai ta daina kai shi fatar ido, ta ɗora hoda a goshi don ta tare gumi. Sai da aka yi watanni kafin tabon ya fara dushewa, domin sanskirin ba ya goge tabo, hana shi ƙaruwa yake yi har fata ta sabunta kanta.

Idan kika ga yana dunƙulewa yana murmushewa a fuska, mayukan da ke ƙasa ne suka yi yawa ko ba su bushe ba. A hunturu kam ki sa man laushin fata tukuna, ki jira, sannan sanskirin, shi ne na ƙarshe kafin hoda. Hazo ba ya tare hasken duka, kada ki daina. Man kaɗe yana gyara fata, amma ba ya maye gurbin sanskirin.

Ki shafa minti goma sha biyar kafin fita, har kunne da bayan hannu. Mai yini a waje ta sake bayan awa biyu-biyu, kuma duk sanda kika yi alwala kin wanke shi, don haka bayan azahar a maimaita idan za a koma rana. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, kada ki sayi wanda aka shanya a tire cikin rana, kada kuma ki bar naki a mota. Da dare a wanke fuska sosai. Tabon da ya fito a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce yana girma ko yana canja kama, wannan ba aikin sanskirin ba ne, likitan fata za a kai wa da wuri.